Kwalta, shimfiɗa ko gam: wanne ya dace da rufin dekin da ke yoyo?

Mai rufin kankare da ya fara ganin tabon ruwa a silin yakan sha shawara iri uku a rana guda. Wani ya ce a shafa kwalta, wani ya ce a ɗauko shimfiɗar da ake ƙonawa da wuta, na uku ya ce tsagar nan ce kawai, a cika ta da gam a huta. Kowannensu na iya yin daidai, amma ba a kan rufi ɗaya ba. Rufin shi ne zai faɗi abin da yake so, don haka a hau sama a duba shi tukuna kafin a tambayi kuɗin bokiti ko na nadi.

Abin da za a auna kafin a zaɓa

Na farko shi ne gangara. Rufin da ake kira shimfiɗaɗɗe ba a son ya zama shimfiɗaɗɗe da gaske. Mafi ƙarancin gangarar da ake so bayan an gama aiki ita ce 1 cikin 80, wato santimita 1.25 a kowace mita, kuma masu zane sukan tsara 1 cikin 40 domin kuskuren magina da lanƙwasar dekin su ci rabi, rabi ya saura. A hau rufin kwana biyu bayan ruwan sama. Idan har akwai inda ruwa ke kwance, wannan wurin zai rage wa duk abin da aka sa kwana, wasu kayan ma ba za su jure ba sam. In ba lokacin ruwa ba ne, zoben ƙura da baƙin gansakuka za su nuna inda ruwan ke kwana.

Na biyu shi ne laimar da ke cikin kankaren kansa. Sabon dekin yana bukatar aƙalla kwana 28 kafin a rufe shi, tsohon da ya daɗe yana shan ruwa kuma yana iya bushewa a fuska alhali cikinsa jiƙe yake. Gwajin ba shi da wuya: a yanka leda mai kauri kamar santimita 45 kowane gefe, a manna ta a kan kankaren da salatif ta ko'ina, a bar ta awa 16 ko fiye. Idan aka ɗaga aka ga gumi a ƙarƙashinta, ko kankaren ya yi duhu, to bai bushe ba. Duk abin da aka manna a kansa, rana za ta mai da laimar tururi, tururin ya kumbura shi.

Na uku, tsaga. Kankare yana miƙewa da zafi yana tsukewa da sanyi, kusan kashi 1 cikin 100 na milimita a kowace mita a kowane digiri. Dekin mai tsawon mita 10 da zafinsa ke sauyawa da digiri 40 tsakanin tsakar rana da asuba yana motsi kusan milimita 4, kuma wannan motsin yana taruwa ne a tsaga da mahaɗa. Akwai tsagar da ta mutu, akwai mai rai. A liƙa ɗan siminti siriri ko farar ƙasar filasta a kanta, a dawo bayan mako biyu. In ya tsage, tsagar tana motsi, kuma abin da za a sa dole ya iya miƙewa tare da ita.

Sauran biyun a taƙaice suke: yawan tarkacen da ke kan rufin, irin su bututu, ƙafar tanki, ƙarfen sola da na'urar sanyi, sannan ko mutane za su riƙa takawa. Da waɗannan biyar za a auna kowane zaɓi, a haɗa da kuɗi, daɗewa, sauƙin aiki da haɗari.

Kwaltar shafawa

Kwalta iri biyu ce a wannan aiki. Akwai ta ruwa da ke zuwa a bokiti a shafa da burushi ko rola ba tare da wuta ba, akwai kuma ta dunƙule da ake narkawa a tukunya. Ta bokitin ita ce mafi arha cikin duk zaɓin nan, kuma kusan kowa zai iya shafa ta. Nan alherinta ya tsaya idan za a bar ta a buɗe.

Matsalarta ta farko kauri ne. Kusan kashi 40 cikin 100 na abin da ke cikin bokitin ruwa ne da zai tashi. Lita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya tana ba da kaurin milimita 1 tana jiƙe, in ta bushe ta koma wajen 0.6. Mai shafa da ya ƙara mata ruwa domin ta yi yawa ya sake rage wannan. Abin da ya saura a kan rufin fenti ne baƙi, kuma tsaga mai motsi za ta yaga shi a damina ta farko. Matsala ta biyu rana ce. Hasken rana yana ƙone man da ke cikin kwalta, ta taurare, ta tsattsage kamar fatar kada. Wanda ya ga wannan alama a rufinsa ya san shafin ya gama aiki, ko da bai fara yoyo ba tukuna.

Ta narkawa ta fi kauri, amma a nan ne ake yawan tafka kuskure wajen saye. Kwaltar hanya, wadda ake rubuta wa 60/70, tana fara laushi tun daga wajen digiri 50, alhali baƙin rufi a rana mai zafi yana kaiwa digiri 70 zuwa 80. Za ta narke ta gangara cikin indararo, ta bar katanga tsirara. Wadda ta dace da rufi ita ce wadda aka hura wa iska, mai lamba irin 85/25 ko 115/15, inda lambar farko ke nuna zafin da take fara laushi. Ita ma ba a barinta ita kaɗai: ana zuba ta ne tsakanin shimfiɗun fel, wato yadin da aka jiƙa da kwalta, hawa biyu ko uku, a rufe saman da tsakuwa. Haɗarinta babba ne. Ana dafa ta fiye da digiri 200, in ta taɓa fata tana mannewa ta ci gaba da ƙuna, ɗigon ruwa kaɗan a tukunya yana sa ta tafasa ta yi ambaliya, kuma tukunyar da aka bari ta wuce ƙima tana kamawa da wuta.

Inda kwaltar bokiti ke da amfani na gaske shi ne wurin da rana ba za ta gan ta ba: ƙarƙashin daɓe, ko a matsayin firaima, wato shafin farko da ke sa shimfiɗa ta kama kankare. A rufi buɗaɗɗe yawanci shekara biyu zuwa biyar take yi. Idan dole ita za a sa, a nemi wadda aka haɗa da roba, a shafa hawa uku kowane a giciye da na ƙasansa, a saka yadin foliyesta tsakanin na farko da na biyu, a kare saman da fentin alminiyom.

Shimfiɗar kwalta mai ƙonawa

Wannan ita ce abin da yawancin masu dekin ke nufi in sun ce shimfiɗa. Tana zuwa a nadi, faɗi mita 1, tsawo yawanci mita 10, kauri milimita 3 ko 4. Kwalta ce da aka gauraya da roba ko filastik, aka saka yadi a tsakiyarta. Babban abin da ta fi kayan shafawa da shi shi ne kaurinta daga masana'anta yake, mai aiki ba shi da hanyar rage shi.

A jikin nadin za a ga APP ko SBS, wato sunan filastik ko robar da aka gauraya da kwaltar. APP ta fi jure zafi, ba ta fara laushi sai wajen digiri 150, shi ya sa ta dace da wuraren da rana ke duka. SBS ta fi roba-roba, tana lanƙwasa ko da sanyi ya kai ƙasa da sifiri sosai, amma ba ta son rana kai tsaye sai an rufe fuskarta. A duba yadin ciki ma. Foliyesta mai nauyin giram 180 zuwa 200 a murabba'in mita tana miƙewa sosai kafin ta yage, zaren gilashi kuwa kusan ba ya miƙewa, ya fi arha, kuma tsaga mai rai za ta tsinka shi. A kan dekin da ke motsi foliyesta ce zaɓi. Sai fuskar sama: wadda za a bari a buɗe dole ta kasance mai ɓarɓashin dutse a kanta. Mai santsi ta ƙarƙashin tayil ce ko ta hawan farko, kuma barin ta a rana yana daga cikin manyan dalilan da ke sa mutane su ce shimfiɗa ba ta daɗewa.

Aikin yana tafiya ne kamar haka. A share rufin, a kankare duk wani tudu, a cike ramuka. A kusurwar da dekin ya haɗu da katanga a yi ɗan gangare na siminti kamar santimita 5 da 5, domin shimfiɗa ba ta son lanƙwasa mai kaifi, nan take fara karyewa. A shafa firaima, wajen lita 0.2 zuwa 0.3 a murabba'in mita, a bari ta bushe har ba ta kama yatsa. A fara da bakin magudana da kusurwoyi, a sa musu ƙarin ƙyalle, sannan a fara shimfiɗa daga mafi ƙasan rufin ana hawa sama, ta yadda ruwa zai bi ta kan haɗi maimakon ya tunkare shi. Gefe da gefe su hau juna da santimita 10, ƙarshe da ƙarshe da santimita 15, kuma kada ƙarshen nadi huɗu su taru a wuri guda.

Gwanintar mai wuta ita ce rabin aikin, kuma ana iya gane ta da ido. A bakin kowane haɗi ya kamata a ga siririn layin kwalta da ya ɓulɓulo, kamar milimita 5 zuwa 10, ba tare da yankewa ba. Inda babu shi, wuta ba ta isa ba, kuma bakin cokalin magini zai shige ƙarƙashi in an gwada bayan ya huce. Inda aka ga zanen yadin ciki ya fito ko fuskar ta yi ƙyalli ta lotsa, wuta ta yi yawa, an ƙone kaurin da aka biya kuɗinsa. A jikin katanga shimfiɗar ta hau aƙalla santimita 15 sama da fuskar ƙarshe ta rufin, a lura, sama da tayil in za a sa tayil, kuma bakinta ya shige cikin ramin da aka yanka a katangar ko a danne shi da ƙarfe. Bakin da aka manna kawai aka bari zai saki, ruwan da ke bin katanga ya shiga ta bayansa.

Kuɗinta matsakaici ne. Hawa ɗaya mai milimita 4 da aka yi da kyau yakan kai shekara 10 zuwa 15, hawa biyu ya wuce haka. Haɗarinta wuta ce: kada a kusanci katako, soso ko bututun filastik da harshen wuta, a ajiye abin kashe gobara a kan rufin, wani kuma ya zauna aƙalla awa ɗaya bayan an kashe wuta, domin gobarar rufi sau da yawa tana ci a ɓoye kafin ta bayyana. Rauninta ɗaya kuma shi ne rufi mai tarkace. Kowane bututu yana bukatar yanka da faci, kowane faci wuri ne da za a iya kuskure.

Shimfiɗar roba da ta filastik

EPDM, PVC da TPO sirara ne, yawanci milimita 1.2 zuwa 1.5, kuma ba a sa su da harshen wuta. EPDM roba ce da ake mannawa da gam, tana zuwa da faɗi sosai har ƙaramin rufi zai iya samun ƙyalle guda ba haɗi, kuma tana iya wuce shekara 20 a rana. PVC da TPO filastik ne, ana narka haɗinsu da injin iska mai zafi. Kayan suna da kyau, sai dai sun fi tsada, suna saurin hujewa in kankaren na da kaifi ko ana jan ƙarfe a kai, kuma suna bukatar ma'aikacin da ya koyi irinsu musamman. Inda babu irin wannan ma'aikaci, gara shimfiɗar kwalta a hannun wanda ya iya. Abu ɗaya da ba a yi: ɗora PVC kai tsaye a kan tsohuwar kwalta. Kwaltar tana zuƙe sinadarin da ke sa PVC laushi har ta taurare ta fashe, sai an raba su da wani yadi a tsakani.

Robar shafawa

Nan ne sunaye ke rikita mai saye, domin bokitai da yawa suna alkawari iri ɗaya alhali abin da ke ciki ya bambanta. Dukansu ana shafa su ne su bushe su zama fata guda marar haɗi, kuma wannan shi ne ƙarfinsu: suna zagaye bututu da ƙafar tanki ba tare da yanka ba.

Akirilik ta ruwa ce, ba ta da wari sosai, fara ce mai mai da zafin rana, kuma ta fi arha. Amma ruwan da ya kwana a kanta yana sa ta laushi ta kumbura ta ɓare. A rufi mai kyakkyawar gangara za ta yi shekara biyar zuwa goma, a rufin da ke tara ruwa asarar kuɗi ce. PU, wato foliyuritan, ta fi ƙarfi da miƙewa, ta fi jure ruwa mai kwanciya, ta kuma fi tsada. Ita ce ta fi kowa ƙin laima a lokacin aiki: in kankaren jiƙe yake, sinadarinta yana haɗuwa da ruwa ya fitar da iska, fuskar ta cika da ƙananan ƙuraje da huji. Yawancin PU mai sauƙin kuɗi tana yin rawaya ta fara gari a rana, don haka a ƙidaya kuɗin shafin sama mai jure rana tun farko. Silikon na shafawa ba ta damu da rana ko kwantaccen ruwa ba, amma tana kama ƙura, tana santsi in ta jiƙe, kuma ba abin da ke mannewa a kanta sai silikon, wanda hakan ke ɗaure mai gida da ita ranar gyara. Akwai kuma simintin da ake haɗawa da ruwan roba. Yana karɓar kankare mai ɗan laima, ya dace da ƙarƙashin tayil, amma miƙewarsa kaɗan ce.

Duk robar shafawa tana faɗuwa ne a abu guda, wato kauri. PU tana bukatar wajen kilo 1.5 zuwa 2 a murabba'in mita, hawa biyu ko uku, domin ta bushe a kan fiye da milimita 1. Ido ba zai bambanta wannan da rabinsa ba, dukansu suna ƙyalli ranar da aka gama. Hanyar tsaro ita ce a raba rufin gida-gida da alli, a san bokiti nawa kowane gida zai sha, a ƙidaya bokitan da aka juye. A sa hawa na biyu cikin lokacin da aka rubuta a jikin bokitin, sau da yawa kafin kwana ɗaya ko biyu su wuce, in ba haka ba ba zai kama na farko ba. A kan tsaga, kusurwa da bakin magudana a saka yadin foliyesta cikin shafin tun yana jiƙe.

Gam na cike tsaga

Gam ɗin da ke zuwa a kwalba ko a leda a matsa da bindiga ba abin rufe rufi ba ne. Aikinsa layi ne: tsaga, mahaɗa, zagayen bututu, bakin ƙarfe. Idan yoyon daga tsaga ɗaya yake da aka tabbatar da ita, shi ne gyara mafi arha. Idan kankaren gaba ɗaya ke shan ruwa, ko kwali goma aka matsa ba abin da zai sauya.

Shafa shi a saman tsaga da yatsa ba ya aiki, domin siririn gam ba shi da naman da zai miƙe. A buɗe tsagar da injin yanka ta kai faɗin milimita 10 da zurfin da zai ɗauki igiyar soso da gam a samanta, a hure ƙura, a tura igiyar soso mai kauri kaɗan fiye da ramin, sannan a matsa gam. Amfanin igiyar shi ne gam ya kama gefe biyu kawai. In ya kama har ƙasa, ba zai iya miƙewa ba, sai ya yage ta tsakiya. A mahaɗa mai faɗi zurfin gam ya zama rabin faɗinsa. A kan kankare a yi amfani da gam ɗin da aka rubuta wa PU ko MS, a guji silikon mai warin tsami irin na banɗaki, domin ba ya riƙe siminti. Gam ɗin PU kuma ba ya jituwa da kwalta, sai a nemi na kwalta in a kanta za a yi gyaran.

| Zaɓi | Kuɗin farko | Daɗewa a buɗe | Sauƙin aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Kwaltar bokiti | Mafi arha | Shekara 2–5 | Mai sauƙi | Siranta, tsagewa a rana |
| Kwaltar narkawa da fel | Matsakaici | Shekara 10–15 | Sai ƙwararre | Ƙuna, gobara, kwaltar da ba ta dace ba |
| Shimfiɗar APP ko SBS | Matsakaici | Shekara 10–20 | Sai ƙwararre | Haɗin da bai kama ba, wuta |
| EPDM, PVC, TPO | Mai tsada | Shekara 15–25 | Sai ƙwararre na musamman | Huji, rashin mai gyara |
| Akirilik | Arha zuwa matsakaici | Shekara 5–10 | Mai sauƙi | Kwantaccen ruwa |
| PU ta shafawa | Mai tsada | Shekara 10–15 | Matsakaici | Laima, ƙarancin kauri |
| Gam na tsaga | Kaɗan, na layi | Shekara 5–10 | Mai sauƙi | Ɗaukarsa maganin rufi duka |

Shekarun nan na aikin da aka yi bisa ƙa'ida ne a kan rufin da ruwa ke gudu. Wajen kwatanta kuɗi, a raba jimillar kaya da ladan aiki da shekarun da abin zai yi. Kwaltar da za a sake sau huɗu cikin shekara goma sha biyu ba ta da arhar da take nunawa, balle a haɗa da fentin silin da rodin da ke tsatsa a cikin dekin tsakanin gyara da gyara.

Lissafi a kan rufi guda

A ɗauki dekin mai mita 10 da mita 12, da katanga kewaye, da tsaga ɗaya mai rai mai tsawon mita 9, da lungu guda da ke tara ruwa. Filin murabba'in mita 120 ne. Kewayen mita 44 ne, in za a hau katanga da santimita 30 an ƙara kusan 13, jimilla 133. Masu ƙiyasi da yawa suna mantawa da wannan ƙarin, sai kaya su ƙare a daidai wurin da ya fi bukatarsu.

Da shimfiɗar kwalta, nadi ɗaya ba ya rufe murabba'in mita 10. In an cire haɗi saura 0.9 sau 9.85, wato kusan 8.9. Nadi 15 ke nan, a ƙara biyu domin kusurwoyi, magudana da asarar yanka, su zama 17 a hawa ɗaya, da firaima lita 30 zuwa 40. Da PU a kan kilo 1.8, ana bukatar wajen kilo 240, kusan bokiti 10 masu kilo 25, ban da firaima da shafin sama. Da kwaltar bokiti, samun milimita 1 busasshe yana cin kusan lita 1.7 a murabba'in mita, wato bokiti 11 zuwa 12 masu lita 20. Wanda ya ce bokiti uku sun isa yana nufin kaurin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na milimita ba. Tsagar kuwa, a faɗin milimita 10 da zurfin gam milimita 10, tana shan mililita 900, leda biyu masu mililita 600.

A wannan rufin tsarin aiki shi ne a gyara lungun da daɓen siminti da yashi domin ruwa ya nufi magudana, a bar daɓen ya bushe, a gyara tsagar, a ɗora mata ƙyalle mai faɗin santimita 20 zuwa 30 wanda ba a manne tsakiyarsa ba domin motsin ya bazu, sannan a rufe gaba ɗaya. Tunda filin a buɗe yake ba tarkace, shimfiɗar milimita 4 mai foliyesta da ɓarɓashin dutse ce ta fi dacewa, kuma abin da za a cike tsagar da shi ya zama mai jituwa da kwalta. Bayan an gama, a toshe magudana, a tara ruwa kamar santimita 5 na awa 24 zuwa 48, a duba silin daga ƙasa. Wannan ruwan yana ɗora kilo 50 a kowane murabba'in mita, don haka dekin da ake shakkar ƙarfinsa, ko wanda rodinsa ya fito yana tsatsa, injiniya zai fara gani kafin mai shimfiɗa.

Wa zai ɗauki wanne

Mai sabon dekin ko babban fili marar tarkace ya ɗauki shimfiɗar kwalta, APP a wuri mai zafi, SBS a wuri mai tsananin sanyi, hawa biyu in aljihu ya kai. Mai rufin da ya cika da bututu, tanki da ƙarafen sola ya ɗauki PU, muddin zai iya jiran kankaren ya bushe sarai. Wanda rufinsa ke da gangara mai kyau, ba babbar tsaga, kuma yana son rage zafin ɗaki, akirilik da yadi a ciki ta ishe shi, ya san zai sabunta shafin nan da wasu shekaru.

Wanda zai sa tayil a riƙa zama a sama ya sa shimfiɗa mai santsi ko PU a ƙasa, ya kare ta da yadi da daɓe kafin tayil, domin tayil da kansa ba ya hana ruwa. Mai tsohuwar kwalta a rufi ya tsaya a dangin kwalta: a yanke wuraren da suka kumbura, a busar, a ƙona sabuwa a kai, sai fa in ruwa ya riga ya shiga ƙarƙashi ko'ina, a nan sai an ɓare duka. Inda ba a yarda da wuta ba, kamar rufin katako ko mai soso a ƙasa, EPDM ko shimfiɗa mai manne kanta ce hanya. Mai tsaga ɗaya da ya tabbatar da ita ta hanyar zuba ruwa wuri-wuri, daga ƙasan rufin zuwa sama, ya cike ta da gam ya ɗora yadi da shafi a kai. Wanda kuma ruwa ya riske shi da jiƙaƙƙen dekin, ya buɗe magudana, ya toshe tsagar da ta fi zuba, ya ajiye babban aikin sai rufin ya samu makonni na bushewa kuma ledar gwaji ta fito ba gumi.